An canza kalmar sirri a waya, kwamfuta ta ƙi daina tambaya: yadda ake gano dalili a gyara

Abin yakan faro ne da ɗan akwati guda a tsakiyar allo. Ka buɗe Outlook za ka aika wasiƙa, sai ya ce ka sa kalmar sirri. Ka sa, ya ɓace, kafin ka gama layi biyu ya dawo. Ka sake sawa, ya sake dawowa. Wayarka ma ta shiga sahu, tana ta nuna cewa asusunka na buƙatar kulawa. In ka tuna baya kaɗan, za ka ga jiya ko shekaranjiya kai ko wani abokin aikinka ya canza kalmar sirrin asusun daga wata na'ura dabam.

Kalmar sirri ta gaskiya wuri ɗaya take zaune, can a sabar kamfanin da ke riƙe da wasiƙunka. Lokacin da aka canza ta, can kaɗai ta canza. Kowace waya, kowace kwamfuta, kowace manhaja da ka taɓa shiga da ita tana da abin da ta adana a cikinta tun ranar farko, kuma babu mai zuwa ya gaya mata an yi sabuwa. Kamar mai shago ne a Kasuwar Dole ya sauya kwaɗo da dare, yaransa huɗu kowa na riƙe da tsohon makulli, gari na wayewa kowa ya zo yana murɗawa. Aikinka shi ne ka san su nawa ne, ka tsayar da su duka, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abu guda nake roƙonka tun yanzu: kada ka sake canza kalmar sirrin. Shi ne abin da kusan kowa ke fara yi in ransa ya ɓaci, kuma shi ne ke mai da matsalar awa ɗaya ta kwana uku. Na'urar da ka riga ka gyara za ta koma baya, kai kuma ka rasa wace kalma ce ke aiki cikin ukun da ke kanka.

Fara da tabbatar da kalmar kanta

Kafin ka taɓa Outlook ko wata manhajar wasiƙu, buɗe Chrome ko Firefox, ka buɗe tagar sirri wadda ba ta tuna komai. A Chrome, maɓallan Ctrl+Shift+N ke buɗe ta, a Firefox kuma Ctrl+Shift+P. Rubuta adireshin shafin wasiƙunka da hannunka, mail.google.com ko outlook.com ko shafin da wurin aikinku ke amfani da shi, ka shiga da sabuwar kalmar. Dalilin tagar sirrin shi ne tagar yau da kullum tana iya buɗe maka wasiƙu da tsohon zaman da bai mutu ba, ka ɗauka kalmar ce ta yi aiki. Ko a tagar sirrin, in ka ga ɗigogi sun cika gurbin da kansu, goge su. Tsohuwar kalmar ce burauza ta cusa maka.

A nan Damagaram akwai wani tarko da ya fi kama mu fiye da mutanen wasu wurare. Yawancin kwamfutocin hannu da ake kawowa daga Kano, maɓallansu jerin QWERTY ne, amma wanda ya ɗora musu Windows ya ɗora na Faransanci mai jerin AZERTY. Wasu kuma jerin biyu ne a ciki, hannu ya taɓa Alt da Shift tare ya juya su ba ka sani ba. A wasiƙa kana ganin kuskuren nan take ka gyara, amma a gurbin kalmar sirri ɗigogi kawai kake gani. A ce kalmar da aka ƙirƙira a waya ita ce Masara24 (misali ne kawai, ta yi rauni a yi amfani da ita). In ka bi haruffan da aka zana a maɓallan QWERTY alhali Windows na kan jerin Faransanci, abin da zai shiga shi ne ?qsqrqé' domin wurin M ya zama alamar tambaya, A ya zama Q, lambobi kuma ba sa fita sai an haɗa da Shift. Masu barin Verr Maj a kunne don su sami lambobi su ma suna faɗawa, domin duk haruffansu sun koma manya.

Gwajin ba wuya. Duba ƙasan allo kusa da agogo, za ka ga FRA ko ENG. Buɗe Bloc-notes ka rubuta kalmar a fili ka dube ta da idonka, sannan ka goge kada ka adana. In an turo maka ita ta WhatsApp ka kwafo, lura da ɗan fili da kan biyo ƙarshenta. Sabar tana ƙirga shi a matsayin harafi.

Sakamako uku ake samu daga wannan gwaji, kuma kowanne hanyarsa dabam. In ka shiga lafiya, kalmar daidai take, laifin na cikin na'urori ne, ci gaba da karatu. In shafin ya ce kalmar ba daidai ba ce bayan ka gan ta da idonka, koma wurin wanda ya canza ta ku daidaita, ba ruwan Outlook tukuna. In kuwa babu wanda ya san da canjin a cikinku, to wannan wata magana ce mai nauyi: mai yiwuwa wani ya shige asusun, sai a bi hanyar ƙwato shi ta lambar waya ko adireshin ajiya ba tare da jinkiri ba. Haka nan in buƙatar kalmar sirrin ta zo maka ne cikin wata wasiƙa ko saƙo mai ɗauke da mahaɗi, kada ka rubuta komai a shafin da ya buɗe maka. Ƴan damfara sun san mutumin da aka gajiyar da tambaya yakan sa kalmarsa duk inda aka miƙo masa gurbi.

Na ukun shi ne shafin ya ce an toshe ka na ɗan lokaci, ko ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Wannan ne ya kai mu mataki na gaba.

Tsayar da duk masu ƙwanƙwasa ƙofa

Manhajar wasiƙu ba ta gajiya. Outlook na asali yana duba saƙo duk minti 30 in ba a sauya masa ba, wayoyi da yawa kuma sun fi haka yawan dubawa. Duk dubawar da aka yi da tsohuwar kalma, sabar tana rubuta ta a matsayin yunƙurin shiga da bai yi nasara ba. In suka taru, sai ta ɗauka ɓarawo ne ke gwada sa'a ta rufe. A asusun aiki na Microsoft, ƙa'idar da ke zuwa da shi ita ce kuskure 10 ya jawo kullewar daƙiƙa 60, kuma kullewar na ƙara tsawo in aka ci gaba. Ƙananan kamfanonin da ke saukar da shafukan ƙungiyoyi da wasiƙunsu kuwa, da yawansu ba asusun suke rufewa ba, adireshin intanet ɗin da kuskuren ke fitowa suke toshewa. Ma'ana duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin ofishinku ya shiga ciki, har wanda kalmarsa ke daidai.

Wannan ne ke sa mutum ya rantse ya sa kalmar daidai amma an ƙi ta. Gaskiya yake faɗa. A lokacin da ya sa ta, ƙofar a rufe take saboda wata na'ura da ya manta da ita.

Saboda haka ɗauki takarda ka rubuta duk inda aka taɓa saka wannan asusu. Kwamfutar ofis, ta hannu, wayarka, tsohuwar wayar da ka bar wa ƙanenka, wayar shugaba, kwamfutar da ke ɗakin ma'aji, har injin kwafi in yana aika takardun da aka ɗauka hoto ta wasiƙa, domin shi ma an saka masa kalmar sirri ranar da aka kafa shi. Mai asusun Google yana iya ganin jerin na'urorin da suka shiga a myaccount.google.com/device-activity. Daga nan rufe su duka. Kwamfutoci a kashe su ko a rufe manhajar wasiƙun, wayoyi a sa su a yanayin jirgin sama. In kana son Outlook ya zauna a buɗe ba tare da ya taɓa sabar ba, shiga Envoi/réception ka danna Travailler hors connexion.

Don ka gane ko adireshin ofis aka toshe, kashe Wi-Fi a waya guda, ka buɗe shafin wasiƙun da datar layinka. In ya buɗe ta data amma ya ƙi ta Wi-Fi, ka sami amsa. Wasu sabobin suna sakin toshewar da kansu bayan wani lokaci in ƙwanƙwasar ta tsaya, wasu sai mai kula da shafin ya cire ta da hannu. Ko wanne ne, ba amfanin a cire kafin ka kashe na'urar da ta jawo ta, za ta sake jawowa.

Wane irin asusu ne? Gyaran ya danganta da wannan

Ba kowace manhaja ke adana kalmar sirrin kanta ba. Hanyoyi biyu ne. A tsohuwar hanya, manhaja tana riƙe da kalmarka tana miƙa ta duk lokacin da za ta duba saƙo. Akwatin tambayarta ɗan ƙarami ne mai gurbin suna, gurbin kalma, da wurin sa alama a tuna. A sabuwar hanya, manhaja tana buɗe maka shafin Google ko na Microsoft ka shiga a can, su kuma su ba ta wata shaidar izini ta riƙe. In aka canza kalmar sirri sai a soke shaidar, kuma ba ta sabuntuwa sai ka sake bi ta shafin.

Bambancin nan yana da muhimmanci domin manyan kamfanonin sun daina karɓar tsohuwar hanya. Google ya rufe ta ga asusun Gmail na kowa da kowa a ranar 30 ga Mayu 2022. Microsoft ya fara rufe ta ga asusun aiki daga 1 ga Oktoba 2022, sannan ga adireshin Outlook.com da Hotmail a ranar 16 ga Satumba 2024. Don haka in adireshinka na Gmail ne, kuma abin da ke fito maka ɗan ƙaramin akwatin nan ne, ko sau ɗari ka sa sabuwar kalmar ba za ta shiga ba.

Za ka ce ai har jiya yana aiki. Yana aiki ne saboda wanda ya saita maka kwamfutar ya saka abin da Google ke bayarwa don tsofaffin manhajoji, wata kalma ta musamman mai haruffa 16 wadda ba ita ce kalmarka ba. Google kuma yana soke dukkan irin waɗannan kalmomi da zarar an canza babbar kalmar asusun. Wannan shi ne sanadin da na fi gani a ofisoshin da har yanzu ke kan Outlook 2010 ko 2013, waɗanda ba su san buɗe shafin Google ba. Maganin shi ne ka shiga myaccount.google.com/apppasswords ta burauza, ka ƙirƙiri sabuwa, ka saka ta a akwatin a madadin kalmarka. Shafin ba ya aiki sai asusun na da tabbatarwa mai mataki biyu a kunne. Sau ɗaya ake nuna maka haruffan, don haka saka su nan take, kuma kowace na'ura a yi mata tata. Injin kwafi ma haka. In da hali, ni na fi son a bar tsohon Outlook ɗin a koma Thunderbird, wanda kyauta ne, a zaɓi OAuth2, wato sabuwar hanyar nan, a wurin hanyar tantancewa, a huta da wannan zagaye.

In wasiƙun na shafin ƙungiyarku ne

Adireshin da ke ƙarewa da sunan ƙungiya ko kamfani, wanda ba Google ko Microsoft ke riƙe da shi ba, yawanci yana kan tsohuwar hanya har yanzu. A nan abin da ke ruɗa mutane shi ne kalmar sirrin wuri biyu take a cikin manhaja ɗaya. Akwai sabar karɓa, IMAP a tasha 993 ko POP a 995, akwai kuma sabar aikawa, SMTP a tasha 465 ko 587. Akwatin da ya fito maka ɗaya daga cikinsu kawai yake tambaya. Ka gyara ta karɓa, wasiƙu su shigo, ka ji daɗi, sannan ka danna aikawa akwatin ya dawo. Karanta sunan sabar da ke saman akwatin. In ka ga smtp a ciki ko kuma wasiƙarka ta maƙale a Boîte d'envoi, ɓangaren aikawa ne bai sami sabuwar kalma ba. Wasiƙar da ta maƙale ɗin kuma ita ce ke ta tayar da tambayar, domin Outlook na ta ƙoƙarin fitar da ita.

A Outlook na asali shiga Fichier, sannan Paramètres du compte, ka buɗe saitin asusun. Goge kalmar da ke ciki gaba ɗaya ka rubuta sabuwa, ka tabbata akwai alama a Mémoriser le mot de passe. Sai ka nemi ɓangaren sabar aikawa. In an zaɓi Utiliser les mêmes paramètres que mon serveur de courrier entrant, shi ke nan, ɗaya ta wadatar. In an rubuta suna da kalma dabam a ƙasa, ita ma a sauya ta. Sunan mai shiga kuma yawanci cikakken adireshin ne, har da abin da ke bayan @.

A iPhone, cikin Réglages ka nemi Mail da asusunsa, ka sauya kalmar da ke ƙarƙashin Serveur de réception, sannan ka shiga SMTP ƙarƙashin Serveur d'envoi ka buɗe sabar farko ka sauya ta can ma. Wannan ta biyun a ɓoye take, mutane da yawa ba su san da ita ba. A manhajar Gmail ta Android ma saitin irin wannan asusu kashi biyu ne. A wayar da ke Turanci sunansu Incoming settings da Outgoing settings. A Thunderbird kuwa hanya mafi tsafta ita ce ka shiga Paramètres, Vie privée et sécurité, Mots de passe enregistrés, ka goge layukan da suka fara da imap:// da smtp:// na wannan asusu, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Za ta tambaye ka sau biyu, ɗaya wajen karɓa ɗaya wajen aikawa ta farko, kuma haka ya kamata.

In asusun aiki ne na Microsoft

A nan Windows kansa yana da ma'ajiyar da yake tara bayanan shiga, kuma tsohon bayani kan maƙale a ciki ya hana sabon zama. Rufe Outlook, Word, Teams da OneDrive duka. Danna Windows+R ka rubuta:

```
control /name Microsoft.CredentialManager
```

Gestionnaire d'identification zai buɗe. Zaɓi Informations d'identification Windows, ka sauka ƙasa, ka nemi layukan da suka fara da MicrosoftOffice16 ko masu ɗauke da adireshinka, ka buɗe kowanne ka danna Supprimer. Kada ka share duk abin da ka gani. Wasu layukan na manyan fayilolin da kuke rabawa ne a ofis, in ka goge su sai ka nemo kalmominsu. Sake kunna kwamfutar ka buɗe Outlook, shafin Microsoft zai fito ka shiga da sabuwar kalma. In tagar ta fito fara fat ta ɓace, ko ta yi ta zagaye, duba Paramètres, Comptes, Accès professionnel ou scolaire. A kwamfutarka ta kanka kana iya cire asusun daga nan ka mayar. In ta ma'aikata ce da sashen kwamfuta ke kula da ita, kada ka cire, kira su, domin cirewar na iya raba ta da tsarinsu.

Masu aiki a manyan ma'aikatu, inda kalmar buɗe Windows ita ce ta wasiƙu, akwai ɗan abin da ke warware musu da yawa. Kwamfutar tana nan da tsohuwar kalma tun shigar safe. Haɗa ta da rezon ofis, danna Windows+L, ka buɗe da sabuwar kalmar. In asusun na ta kullewa duk da haka, ka ce wa mai kula da sabar ya duba rajista mai lamba 4740, wadda kan nuna sunan kwamfutar da kullewar ta fito daga gare ta.

Yadda ta kasance a wata ƙungiya

Wata ƙaramar ƙungiyar manoma da ke da ofis a Sabon Gari tana da adireshi guda da kowa ke amfani da shi, a kan shafinsu. Wani ma'aikaci ya bar aiki, shugaban yana Magarya ya canza kalmar daga wayarsa, ya turo wa sakatariya sabuwar. Washegari Outlook ɗinta ya fara tambaya, kafin azahar shafin ƙungiyar ma ya daina buɗewa a ofis.

Da na iso ta ce mini, "Malam, wallahi yadda ya turo haka na sa, harafi da harafi."

Na ce, "Na yarda, Hajiya. Ara mini wayarki, a kashe mata Wi-Fi."

Ta data shafin wasiƙun ya buɗe, kalmar ta shiga karon farko. Wannan ya nuna abu biyu a tare: kalmar daidai ce, adireshin ofis ne aka toshe. Muka zauna lissafin na'urori. Ta ambaci kwamfutarta, wayarta, da wayar shugaba. Na tambaya ko akwai wata, ta ce babu. Sai ma'aji daga ɗaya ɗakin ya ce, "Yaya, tsohuwar kwamfutar da muke buga rasit fa? Ita ma wasiƙu na shigowa cikinta." Muka je muka tarar da Outlook a buɗe a bayan takardar lissafi, akwatin tambaya na jira, ƙura ta rufe rabin allon, ba wanda ya kula da shi tun safe.

Muka rufe Outlook a kwamfutocin biyu, wayar sakatariya ta zauna a kan data, aka kira mai kula da shafin ya cire toshewar. Sannan muka bi su ɗaya ɗaya. A kwamfutar sakatariya wasiƙu suka shigo bayan an sa kalmar, amma rahoto guda ya ƙi fita daga Boîte d'envoi. A saitin aikawa muka tarar an rubuta suna da kalma dabam, tsohuwar na nan daram. Aka sauya, rahoton ya tafi. Tsohuwar kwamfutar kuwa ma'aji ya ce a cire asusun kawai tunda ba a buƙata. Na duba na ga POP ce, kuma wasiƙun shekarun baya da ke cikinta babu su a sabar. Sai da muka kwafe fayil ɗinta mai ƙarewa da .pst zuwa na'urorin ajiya na USB guda biyu kafin a taɓa komai. Wayar shugaba ita ce ta ƙarshe, ranar da ya dawo: ya canza kalmar ta burauza, amma manhajar wasiƙun wayar tasa na nan da tsohuwa. Da ta hau Wi-Fi ɗin ofis a haka, da an koma gidan jiya. A bakin ƙofa aka gyara ta.

Wayar Android da asusun Google

In babban asusun Google na wayar ne, Tecno ce ko Itel ko Samsung, gyaran gajere ne. Taɓa sanarwar da ke cewa a sake shiga, ko ka buɗe Gmail ya kai ka shafin, ka sa sabuwar kalma a inda rezo ke da ƙarfi. In rezo ya yanke a tsakiya, shigar ba ta kammala ba, sanarwar za ta dawo. Sake gwadawa a wuri mai kyau kafin ka zargi wayar.

In ta ƙi, ana cire asusun daga Paramètres a mayar da shi, amma duba abu biyu tukuna. Buɗe contacts.google.com ka ga ko lambobin mutanenka na can, domin cire asusu yana ɗauke lambobinsa daga wayar, waɗanda ba su hau can ba kuma suna iya salwanta. Sannan ka tabbata layin da Google ke turo wa lambar tabbatarwa yana hannunka yana aiki. Mutumin da ya yar da tsohon layinsa ya cire asusu daga wayar da ita kaɗai Google ya sani, yana iya wayar gari a waje. Kuma kada ka yarda a wanke wayar gaba ɗaya saboda wannan matsala. Google da kansa yana cewa a jira awa 24 bayan sauya kalmar sirri kafin a mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, domin in an yi gaggawa tana iya ƙin karɓar asusun bayan an wanke ta.

Irin wannan hattara ake yi da Outlook kafin cire asusun IMAP. Duk babban fayil da aka rubuta wa Cet ordinateur uniquement a gefen sunansa, sau da yawa kalanda da lambobin mutane, a wannan kwamfutar kaɗai yake. Fitar da shi zuwa .pst kafin ka cire.

In duk an yi tana nan tana tambaya, dubi agogo

Shaidar izini da lambobin tabbatarwa masu sauyawa duk daƙiƙa 30 sun dogara da lokaci. Tsohuwar kwamfutar tebur da ƙaramin batirinta na ciki, CR2032, ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai ta farka da kwanan watan shekarun baya, amintacciyar haɗuwa da sabar ta gagara. Batirin ba shi da tsada, sauya shi. Akwai kuma wadda ta fi wannan ɓoyuwa. Windows na Faransanci sau da yawa ana barinsa a kan lokacin Paris. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinmu ɗaya da su, amma daga ƙarshen Maris suna ƙara awa guda, Nijar kuwa ba ta sauyawa. Mai kwamfuta ya ga agogo ya yi gaba, ya mayar da shi da hannu. A ido ya yi daidai, a lissafin sabar kuma kwamfutar ta yi baya da awa ɗaya. Shiga saitin kwanan wata, ka zaɓi yankin UTC+01:00 na Afirka ta tsakiya da yamma, ka bar agogo ya saita kansa.

Kada ka ce an gama sai kowace na'ura ta ci gwaji uku kafin ka kunna ta gaba. Aika wa kanka wasiƙa daga cikinta: fitarta ta nuna ɓangaren aikawa ya gyaru, shigowarta ta nuna na karɓa. Kashe na'urar ka kunna, ka sake buɗe manhajar. In ta tambaya a nan, kalmar ta shiga amma ba a adana ta ba, koma ga alamar tunawa ko ma'ajiyar Windows. Sannan ka bar ta a buɗe ta wuce minti 30. In tambayar ta dawo a wannan tsakani alhali gwaji biyun farko sun yi kyau, akwai wata na'urar da ba ta shiga takardarka ba, sai a sake zama lissafi da mutanen ofis.